Tambayoyi da amsoshi kan kimanta kuɗin shiga mai ƙaruwa har abada, da inda lissafin yake lalacewa

Wane irin kuɗi ake nufi da mai ƙaruwa har abada?

Kuɗi ne da ke shigowa duk shekara ba tare da ranar tsayawa ba, kuma kowace shekara yana ɗara na bara da kashi ɗaya tsayayye. Kuɗin hayar shago da ake ƙarawa shekara-shekara, da rabon ribar da kamfani ke ba masu hannun jari, su ne misalan da aka fi yi wa wannan lissafi. Takardun bashi da ba su da wa'adi ba tatsuniya ba ne: gwamnatin Birtaniya ta fitar da irinsu a 1751, sai 2015 ta gama fansar na ƙarshe, sai dai biyan waɗancan ba ya ƙaruwa. Nau'in mai ƙaruwa an fi jingina shi ga Myron Gordon, wanda shi da Eli Shapiro suka yi rubutu a kai a 1956 domin kimanta hannun jari.

Abin da ake nema shi ne: nawa ya kamata a biya yau domin a mallaki wannan kuɗi gaba ɗayansa?

```
PV = C1 / (r - g)
```

PV ita ce darajar yau. C1 kuɗin da zai shigo nan da shekara ɗaya. r ribar da mai saye ke buƙata a shekara kafin ya yarda ya sa kuɗinsa a nan maimakon wani wuri mai haɗari iri ɗaya. g kuma yawan ƙaruwar kuɗin a kowace shekara.

Misalin da za mu bi har ƙarshe shi ne wannan. A ce akwai jerin shaguna da hayarsu ta baɗi, bayan an cire gyara da haraji da ladan mai karɓar haya, za ta kama naira 1,200,000. Ana sa ran hayar za ta riƙa ƙaruwa da kashi 10 cikin 100, mai saye kuma yana neman ribar kashi 18. Tazara tsakanin 18 da 10 ita ce 8, wato 0.08. An raba 1,200,000 da 0.08, an sami naira miliyan 15.

Ta yaya kuɗin da ba ya ƙarewa zai zama yana da farashi mai iyaka?

Saboda abubuwa biyu ne ke ja-in-ja a kan kowane biya. Ƙaruwa tana ɗaga shi, jira kuma yana rage masa daraja. Hayar shekarar farko, 1,200,000, idan aka dawo da ita yau ta hanyar raba ta da 1.18, ta zama 1,016,949. Ta shekara ta biyu ta hau zuwa 1,320,000, amma sau biyu za a raba ta da 1.18, sai ta koma 948,003. Ta uku 1,452,000 ce a hannu, a yau kuwa 883,732.

A lura: kuɗin da ake karɓa yana hawa, darajarsa ta yau tana sauka. Kowace shekara tana zama kashi 93 cikin 100 na wadda ta gabace ta, domin 1.10 a raba da 1.18 ya ba da 0.932. Jerin lambobi da kowace ke raguwa da irin wannan kashi, ko za a yi ta tarawa har illa Masha Allahu, jimillar ba za ta wuce wani adadi ba. Adadin nan shi ne miliyan 15. Fomular gajeriyar hanya ce kawai ta wannan tarawa, kuma duk wanda ya riƙe haka ya riga ya gane inda take lalacewa.

To ina take lalacewa?

A daidai wurin da g ya kamo r ko ya wuce shi. An samo fomular ne bisa sharaɗin cewa darajar kowane biya tana ƙasa da ta na gabansa. Idan sharaɗin ya faɗi, hujjar da aka gina fomular a kanta ta rushe, ko da kuwa na'urar lissafi ta ci gaba da fitar da lamba.

Idan g ya zama 18 daidai da r, ƙaruwa da jira sun kashe juna. Kowace shekara darajarta a yau 1,016,949 ce, ta farko da ta ɗari duk ɗaya. Tara wannan ba iyaka ba shi da jimilla. A takarda raba kuɗi da sifiri ne, a Excel kuwa `#DIV/0!` zai bayyana. Wannan ma da sauƙi, tunda kuskuren ya nuna kansa.

Wanda ya fi ɓatar da mutane shi ne g ya haura r. A sa g ya zama 20: tazara ta koma -0.02, amsa ta fito -60,000,000. Babu wani gargaɗi a allo, lamba ce tsaf da alamar ragi a gabanta. Wasu sukan fassara ta da cewa kadarar asara ce, wasu kuma su share alamar su ce miliyan 60 ce. Duka biyun ba daidai ba ne. A koma a tara da hannu: shekarar farko 1,016,949, ta biyu 1,034,186, ta uku 1,051,714. Duk riba ce, kuma hawa take yi. Jimillar lambobin da babu ragi a cikinsu ba za ta taɓa zama bashi ba, gudu take yi zuwa inda ba iyaka. Lambar -60,000,000 ba ta faɗi komai game da shagunan ba. Abin da ta faɗa shi ne an ɗora wa fomular zaton da ba za ta iya ɗauka ba.

Kuma ba a taɓa sayar da wata kadara a duniya a kan farashi marar iyaka ba. Saboda haka idan lissafi ya kai nan, ba dukiyar Ƙaruna aka gano ba. Ɗaya daga cikin g da r ne ba gaskiya ba, kuma galibi g ne.

Idan dai g bai kai r ba, shi ke nan an tsira?

A'a, kuma a nan ne aka fi tafka asara, domin amsar tana fitowa kamar ta mai hankali. Ga abin da ke faruwa da shagunan nan idan aka bar r a 18 ana matsa g kaɗai:

| g | tazara | daraja (naira) |
|---|---|---|
| 10 | 8 | miliyan 15 |
| 12 | 6 | miliyan 20 |
| 14 | 4 | miliyan 30 |
| 16 | 2 | miliyan 60 |
| 17 | 1 | miliyan 120 |
| 17.5 | 0.5 | miliyan 240 |

Daga 10 zuwa 12, maki biyu sun ƙara miliyan 5. Daga 16 zuwa 17, maki ɗaya tal ya ƙara miliyan 60. Shagunan ba su canza ba, hayar baɗi tana nan a 1,200,000. Ba wanda ya san ƙaruwar haya ta shekaru hamsin masu zuwa har ya rantse 16 ce ba 17 ba, haka ma r kintace ne. Idan tazarar maki 8 ce, kuskuren maki ɗaya yana motsa amsa da kamar kashi 11 zuwa 14 cikin 100, ana iya zama da wannan. Idan tazarar maki 2 ce, kuskuren nan ɗaya na iya ninka amsar. Fomular ba ta karye ba a ilimin lissafi, amma ta daina amfani, domin abin da take aunawa yanzu kuskuren mai kintace ne ba darajar kadara ba.

Akwai gwajin da muka fi so, domin yana nuna matsalar ƙuru-ƙuru. A tambaya: kashi nawa na darajar ne ke shigowa cikin shekarun da ido zai iya hange?

```
q = (1 + g) / (1 + r)
kason shekaru n na farko = 1 - q^n
```

A g na 10, rabin miliyan 15 ɗin yana shigowa cikin shekara 10, kuma kusan kashi 88 cikin shekara 30. A g na 17, shekara 10 na farko kashi 8 kacal suke kawowa, shekara 30 kuma ba su kai kashi 23 ba. Sai an yi shekara 81 kafin a kai rabi. Wanda ya biya miliyan 120 ya sayi hayar da jikokin 'yan hayar yanzu za su biya jikokinsa ne, a ginin da ko ya tsaya sai an sāke shi.

Nawa ne mafi girman g da hankali zai karɓa?

Rufin shi ne ƙaruwar tattalin arzikin da kadarar ke cikinsa a dogon zango, wato ƙaruwa ta haƙiƙa haɗe da hauhawar farashi. Dalili mai sauƙi ne: kalmar "har abada" da gaske ake yinta a cikin fomular. Idan tattalin arziki yana ƙaruwa da kashi 10 a shekara, haya kuma da 15, to cikin shekara 100 kason shagunan a cikin tattalin arzikin ya ninka kusan sau 85, kuma bai tsaya ba. A bar shi ya ci gaba, wata rana hayar shaguna ƙalilan za ta fi dukiyar ƙasa baki ɗaya. Tunda hakan ba zai faru ba, g da ya wuce rufin ba g na har abada ba ne, na ɗan lokaci ne.

A ganinmu ma kamata ya yi a tsaya ƙasa da rufin. Tattalin arziki yana ƙaruwa ne har da sababbin shaguna da sababbin kamfanoni da ba a gina ba tukuna, kuma tsohuwar kadara ba ta da rabo a wannan.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗauko ƙaruwar shekara uku da suka wuce a ce ita ce g. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100, farashi da haya suka yi ta tashi. Wanda ya ɗauki tashin irin wannan shekara ya shimfiɗa shi har abada, sannan ya haɗa shi da r na shekarun kwanciyar hankali, dole g ya haye r.

Hauhawar farashi fa, a sa ta a lissafi ko a cire?

Ko wanne aka yi daidai ne, muddin an yi wa C1 da r da g abu ɗaya. A ce kashi 10 da haya ke ƙaruwa duk hauhawar farashi ce. Idan aka cire ta, g ya koma sifiri, r na haƙiƙa ya zama 1.18 a raba da 1.10 a cire 1, wato kashi 7.27, hayar baɗi kuma a kuɗin yau 1,090,909 ce. A raba ta da 0.0727, a sāke samun miliyan 15 ɗin nan. Hanya biyu, masauki ɗaya.

Gauraya ce ke kashewa. Wanda ya ɗauki r na haƙiƙa, 7.27, ya haɗa da g mai hauhawa a ciki, 10, zai ga amsa mai alamar ragi ya zaci kadarar ce ke da matsala. Wanda ya yi akasin haka, r na 18 da g na sifiri, zai sami miliyan 6.67, ya yi wa kadarar ƙasa da rabin kuɗinta.

Haka yake tsakanin kuɗin ƙasashe. Sefar Nijar a ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, kuma hauhawar farashi a can takan yi ƙasa da ta naira sosai. Shago a Maraɗi da ake biyan hayarsa da sefa, r da g nasa duka na sefa za a sa. A ɗauko g daga Katsina a haɗa da r na Maraɗi, to an gina tazarar ƙarya.

Na riga na karɓi hayar bana. Ita ce C1?

A'a. C1 biyan da ke tafe ne nan da shekara guda. Idan 1,200,000 ita ce aka karɓa jiya, ta baɗi 1,320,000 ce, darajar kuma miliyan 16.5. Wanda ya manta wannan ya rage kashi ɗaya cikin sha ɗaya na farashi.

Akwai kuma hali na uku da ya shafe mu kai tsaye, tunda a garuruwanmu hayar shago da gida a farkon shekara ake biya, ba a ƙarshe ba. Idan mai saye zai karɓi 1,200,000 a ranar ciniki, sai a ƙara ta a kan miliyan 16.5 na sauran shekaru, a sami miliyan 17.7. Lamba ɗaya ce, 1,200,000, ta ba da miliyan 15, da 16.5, da 17.7, kuma bambancin duka ranar biya ce. Kafin a taɓa na'ura, a fara tambayar dillali: hayar bana waye zai ci?

Idan biyan na wata-wata ne, r da g ma a mayar da su na wata. Kashi 18 a shekara daidai yake da kashi 1.39 a wata, ba 1.5 ba, domin riba tana hawa kan riba.

Kadarar tana ƙaruwa da sauri da gaske a yanzu, fiye da r. Yaya za a yi?

A raba lokacin gida biyu. Shekarun gudu a lissafa su ɗaya bayan ɗaya da hannu, inda g ya fi r ba laifi ba ne tunda suna da iyaka. Fomular kuma a ajiye ta sai inda ƙaruwa ta lafa.

A ce an buɗe sabuwar hanya ta gaban shagunan, haya za ta tashi da kashi 25 sau biyu, sannan ta koma 10. Shekara ta 1, 1,200,000. Ta 2, 1,500,000. Ta 3, 1,875,000. Darajarsu a yau 1,016,949, da 1,077,277, da 1,141,183, jimilla 3,235,409. Hayar shekara ta 4 ita ce 1,875,000 sau 1.10, wato 2,062,500. A raba ta da 0.08, a sami 25,781,250.

A nan ake yawan zamewa. Wannan adadi darajar ƙarshen shekara ta 3 ce, ba ta 4 ba, domin fomular kullum tana tsayawa shekara ɗaya kafin biyan da aka ba ta. Don haka sau uku za a raba shi da 1.18, ya zama 15,691,265. Wanda ya raba sau huɗu ya zubar da kusan miliyan 2.4 a banza. Jimilla ta gaskiya 18,926,674.

Abin lura kuma, kashi 83 cikin 100 na wannan jimilla daga wutsiyar ya fito, wato daga fomular. Mutum zai ɓata kwana uku yana gyara lissafin shekarun farko, ya zaɓi g na ƙarshe cikin minti ɗaya, alhali a can nauyin yake.

Mai kadara ya yanka farashinsa. Zan iya gane zaton da ke ƙarƙashin farashin?

Ana iya juya fomular:

```
g = r - C1 / P
```

P shi ne farashin da aka nema. Idan an ce miliyan 40, hayar baɗi kashi 3 ce kawai na farashin. A cire 3 daga 18, saura 15. Ma'ana, kafin miliyan 40 ta biya bukata, sai haya ta riƙa ninkawa duk shekara biyar har abada. Wannan tambaya ce da ɗan kasuwa zai iya amsawa ba tare da takarda ba: unguwar nan za ta ɗauki haka? Sau da yawa gardamar farashi takan zo da sauƙi idan aka mayar da ita gardama a kan g. Idan kuma abin da ake hange shi ne rushe shagunan a gina bene, to filin ake saye ba hayar ba, kuma wannan lissafin daban ne.

A hannun jari, me zai hana a sa ribar kamfani gaba ɗaya a matsayin C1?

Ƙaruwa ba kyauta ba ce, da ribar da aka riƙe ake sayenta. Dangantakar ita ce g daidai yake da kason ribar da kamfani ya riƙe, sau ribar da yake samu a kan jarinsa. Kamfanin da zai ci naira 10 a kowane hannun jari, mai samun kashi 20 a kan jari, idan yana son ƙaruwar kashi 10 sai ya riƙe rabi ya raba naira 5. Daraja a r na 18 ita ce 5 a raba da 0.08, naira 62.50. Wanda ya sa 10 ɗin duka tare da g na 10 zai sami 125. Ya ci kazar, kuma yana ƙirga ƙwan da za ta saka.

Daga nan wani abu ke fitowa da mutane ba sa tsammani. Idan ribar kamfanin a kan jari 18 ce, daidai da r, ƙaruwa ba ta ƙara komai. Ya raba 10 duka ba ƙaruwa, daraja 55.56. Ya riƙe rabi ya ƙaru da kashi 9, a raba 5 da 0.09, 55.56 ɗin dai. Idan ribar ta gaza r, ƙaruwa rage daraja take yi. A shaguna ma haka ne: kuɗin sāke rufi da fenti da ke sa haya ta ci gaba da hawa dole a cire shi daga C1.

g zai iya zama ƙasa da sifiri?

Ƙwarai, kuma fomular ta fi natsuwa a nan, tunda tazara faɗaɗa take yi. Hayar da ke raguwa da kashi 5 duk shekara tana ba da tazarar 0.23, daraja 5,217,391.

Takardar mallakar filin shekara 99 ce, ba har abada ba. Fomular tana aiki?

A ƙarƙashin dokar filaye ta Najeriya ta 1978, takardar da gwamna ke bayarwa tana da wa'adi, galibi shekara 99. Amsar ta danganta da tazara. A ninka darajar har abada da `1 - q^99`. A g na 10, abin da ke bayan shekara 99 bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba, kamar naira dubu 14 cikin miliyan 15, ba abin tada jijiyar wuya ba ne. A g na 17 kuwa, kashi 43 cikin 100 na miliyan 120 ɗin yana bayan ƙarewar takardar. Sama da miliyan 50 ke nan aka biya a kan shekarun da takardar ba ta rufe ba. Kuma a duba ranar da aka fara ƙirga wa'adin, domin shekarun da suka rage ake sawa, ba 99 ba.

Wane shinge za a sa a Excel don kada kuskuren ya wuce ba a gani ba?

A sa C1 a `B1`, r a `B2`, g a `B3`:

```
=IF(B3>=B2,"g ya kai r",IF(B2-B3<0.03,"tazara ta yi kadan",B1/(B2-B3)))
```

Shingen farko dole ne. Na biyu, maki 3, zaɓinmu ne ba doka ba, kuma dalilinsa shi ne a wannan tazara farashi ya riga ya haura hayar shekara 33, kuma kuskuren maki ɗaya yana ƙara rabin darajar. Mai aiki da Excel na Faransanci zai rubuta `SI` a madadin `IF`, ya raba da `;`, ya kuma rubuta `0,03`.

A duba yadda aka shigar da kashi. Idan an rubuta r a matsayin 18 da g a matsayin 10 ba alamar `%`, tazara ta zama 8 maimakon 0.08, amsa ta fito 150,000, kuma babu shingen da zai kama ta tunda g bai kai r ba. Hanyar kamawa ita ce a ja ginshiƙi na shekara 200 a gefe, kowane layi da hayar shekararsa an raba ta da `(1+B2)^n`, a dubi layukan farko da ido, sannan a tara. A misalinmu layin farko ya kamata ya nuna 1,016,949, na biyu 948,003, jimillar kuma ta tsaya dab da 15,000,000.